Wasiƙar Sarkin Musulmi Abdurrahman a takardar jarrabawa: yaya za a tsara tambayar?

Malamar Gusau: Assalamu alaikum malamai. Ina neman a duba mini wata tambaya kafin in kai wa mai buga takardu ranar Litinin. 'Yan aji biyar na sakandare ne, mun gama darasin zuwan Turawa da cin Sakkwato. Na ɗauko wasiƙar nan da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aika wa Gwamna Lugga a 1902. Yaran da Turanci za su gan ta, amma ga ma'anarta: daga gare mu zuwa gare ku, ban yarda wani daga cikinku ya zauna tare da mu ba har abada, ba zan taɓa shiryawa da ku ba, babu wata hulɗa tsakaninmu sai irin wadda ke tsakanin Musulmi da kafirai, wato yaƙi, kamar yadda Allah ya umarce mu. Ta ƙare da la haula da gaisuwa. Tambayar da na rubuta ita ce: "Shin wannan wasiƙa abin dogara ce? Kawo dalilai. Maki 10." Matsalata, bara na yi irin wannan tambayar da wata takarda, sai kusan duk ajin suka rubuta mini jimla ɗaya kamar sun haɗa baki: ba abin dogara ba ce saboda akwai son zuciya. Na rasa wa zan ba maki, wa zan hana.

Ɗan Bautar Ƙasa: Wa alaikumus salam Malama. Ni a ganina tambayar ta yi. Amsar ma a fili take, wasiƙar abin dogara ce tunda a lokacin aka rubuta ta, kuma daga hannun Sarkin da kansa ta fito. Haka aka koya mana a jami'a, shaidar da aka rubuta a lokacin da abu ya faru ta fi wadda wani ya zo ya rubuta bayan shekara hamsin.

Tsohon Firinsifal: Ɗana, ka ga wasiƙar da idonka?

Ɗan Bautar Ƙasa: A'a Baba, a littafi na gani.

Tsohon Firinsifal: To bari Dakta ya shigo, na ga yana kan layi.

Dakta: Ina nan, ranka ya daɗe. Malama, kin zaɓi takarda mai kyau, ban san wadda ta fi ta dacewa da irin wannan aikin ba a duk tarihin zuwan Turawa. Sai dai tambayar da kika ɗora mata ba za ta fito da abin da ke cikinta ba. Bari in fara da abin da ƙaninmu ya ce, wai daga hannun Sarki ta fito. Abin da ke hannunmu fassarar Turanci ce da Lugga ya saka a rahotonsa na shekara-shekara na 1902, ya ce wajen watan Mayu na shekarar ta iso masa. Asalin Larabcin ba a gan shi ba. Rahoton kuwa sunansa ne kawai na 1902, ba a kammala shi ba sai bayan an ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, an ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, don labarin yaƙin ma yana ciki. A lokacin ana ƙorafi a Landan cewa Lugga ya tura sojoji Kano ba tare da ya sanar da magabatansa yadda ya kamata ba, har maganar ta kai majalisa. Mutumin da ke cikin wannan hali shi ne ya miƙo mana wasiƙar da ke cewa Sakkwato ce ta fara kiran yaƙi.

Wani tsohon Di'o mai suna Muffett, a littafin da ya fitar a 1964, ya nuna shakka a kanta. Wasu masana kuma sun ci gaba da karɓarta, don maganar ba ta saɓa wa halin da aka san Sarkin da shi ba. Ba a banza aka yi masa laƙabi da Ɗanyen Kasko ba.

Yanzu ki dubi yaron da kika ba wasiƙar tsirara, kika ce masa abin dogara ce ko a'a. Da me zai yi hukunci? Bai san wa ya fassara ba, bai san wa ya buga ba, bai san yaushe ba. Dole ya koma kan haddar da ya taho da ita daga gida. Laifin ba nasa ba ne.

Basakkwace: Ku dakata. Ina karantawa raina yana ɓaci. Wato so kuke ku koya wa yaranmu cewa Sarkin Musulmi bai iya gaya wa Nasara gaskiya ba? Wannan wasiƙa abin alfaharinmu ce. Wanda ya ce ƙarya ce, yana nufin magabatanmu matsorata ne ke nan. Mutanen da suka tsaya a filin yaƙin Giginya, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har garin Burmi aka kashe su a can, su ne za a ce ba su iya rubuta layi biyar ba?

Tsohon Firinsifal: Malam, sanyaya zuciyarka. Ba wanda ya taɓa Giginya ko Burmi a nan. Ba Sarki ake tuhuma ba, wanda ya kawo mana maganar Sarki ake tuhuma. In wani da kuke shari'a da shi ya tashi gaban alƙali ya ce ga abin da mahaifinka ya rubuta, amma takardar ta ɓata, ga dai fassarar da yaronsa ya yi, za ka ce na yarda don maganar ta yi maka daɗi?

Basakkwace: Ba zan yarda ba, Baba. Amma nan maganar ta yi daidai da abin da ya faru. An yi yaƙin ai.

Dakta: Wannan da ka faɗa hujja ce mai kyau, kuma in yaro ya rubuta ta zan ba shi maki. Abin da muke nema ke nan, ya auna wasiƙar da abin da ya sani. Amma wani yaron zai iya ce maka Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba 1902, wata biyar kafin sojojin su iso Sakkwato, wanda aka yaƙa magajinsa Attahiru ne. Kuma Turawa ne suka tako har bakin ganuwa, Sakkwato ba ta tura runduna Zungeru, hedkwatar Lugga, ba. Shi ma wannan yaron ya ci makinsa. In amsa ɗaya ce kawai ke cin maki, to tambayar hadda ce aka yi mata ado da wasiƙa.

Malamin Larabci: Ni wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurina. Isnadi da matani ke nan. Matanin ya yi kama da maganar mai shi, amma sarƙar ta tsinke: marubucin fada, sai manzo, sai tafintan da ba a ambace shi a takardar ba, sai Lugga wanda yake da buƙata a cikin maganar. A wajenmu mai ruwaya ɗaya tilo, kuma abokin husuma, ba a gina hukunci a kansa. Yaran da suka yi Islamiyya za su gane da wuri in aka ce musu su bi sarƙar.

Dakta: Allah ya gafarta Malam, misalin ya zauna, ni ma da shi nake buɗe darasin a kwaleji. Wuri ɗaya muke rabuwa. Malamin hadisi in ya ce ruwaya ba ta inganta ba, ya ajiye ta, an gama. Mai tarihi ba ya ajiyewa. Ko da a ce gobe an tabbatar fassarar nan an ƙara mata gishiri, ta zama shaida ta farko a kan wani abu daban: yadda Lugga ya so mutanen Landan su ɗauki Sakkwato. Shi ya sa "abin dogara ce?" ba cikakkiyar tambaya ba ce. Dogara a kan me? Sai an faɗa. Wasiƙar nan tana da rauni in ana neman ainihin kalmomin da suka fito daga fada. Tana da ɗan ƙarfi in ana neman ko Sakkwato ta yi maraba da Turawa. Tana da ƙarfi ƙwarai in ana neman hujjar da Lugga ya kafa ta yaƙi. Takarda ɗaya, amsa uku.

Malamar Gusau: Na fahimta. To in gyara ta haka: "Har zuwa wane matsayi za a dogara da wannan wasiƙa a matsayin shaidar cewa Sakkwato ce ta fara kiran yaƙi da Turawa a 1902?" Sannan in sa bayani a ƙarƙashinta. Amma ga tsorona, Dakta. In na rubuta cewa ba a ga asalin Larabcin ba kuma Lugga yana shan suka, ai na ba su amsar ke nan. Za su kwafe bayanin nawa su mayar mini.

Dakta: Tambayar ta miƙe yanzu. Tsoron naki kuma yana kan hanya, nan ne yawancinmu muke zamewa. Dabarar ita ce bayanin ya ƙunshi abin da ya faru kawai, ban da fassararsa. Ki ba yaro bulo, ginin nasa ne. Ga yadda zan rubuta:

"Takarda ta A. Fassarar Turanci ta wata wasiƙa da Gwamna Lugga ya ce ya karɓa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman wajen watan Mayu 1902. An buga ta a rahoton da Lugga ya aika wa gwamnatin Birtaniya bayan cin Kano da Sakkwato a 1903. Ba a samu asalin Larabcin ba."

Ki lura da abin da babu a ciki. Ban ce "wasiƙar da ake zargi" ba, ban ce "don ya kare kansa" ba. Kalma ɗaya irin wannan ta kashe tambayar. "Ya ce ya karɓa" kuwa na bar ta da gangan, yaro mai ido zai tsaya a kanta. Batun sukar da yake sha a Landan ban sa ba, wannan a aji za ki koyar da shi, wanda ya tuna ya kawo shi ya haye sama. In kuma ba ki koyar ba, to kada ki nema a amsa.

Tsohon Firinsifal: Ni nan ban bi ka ba, Dakta. Jimlar nan ta ƙarshe, ba a samu asalin ba, ta yi nauyi. Shekara talatin na yi ina duba takardun yara, na san abin da za su yi. Duk za su rungume ta, su ce tunda babu asali ƙarya ce, su rufe littafi. Ka musanya musu hadda da wata haddar. Ni da zan cire ta, in bar "fassara" da "ya ce ya karɓa". Yaron da ya tambayi ina asalin yake, da kansa, shi ne gwanin.

Dakta: Akwai gaskiya a maganarka, Baba. Abin da ya hana ni cirewa, in ba a faɗa ba yaro zai ɗauka asalin yana ajiye a gidan adana takardu na Kaduna, kuma ba shi da hanyar sanin ba haka ba ne. Ɓoye masa abin da hukuncin ya rataya a kai ya fi kama da tarko. Maganin rungumar da kake tsoro yana cikin tsarin ba da maki: wanda ya ce babu asali saboda haka ƙarya ce, ya tsaya a nan, ba zai wuce matakin tsakiya ba.

Tsohon Firinsifal: To. Ga 'yan kwalejinka na yarda. Ga 'yan aji biyar har yanzu ina kan bakana. 'Yata, ke kika san yaranki, ki zaɓa.

Na Damagaram: Salamu alaikum, ku yi haƙuri da katsalandan. Mu nan Nijar sharhin takarda tsohon abu ne a jarrabawarmu, tun daga koleji har lise. Kullum da gabatarwa ake farawa: wace irin takarda ce, wa ya rubuta, yaushe, a wane hali, wa aka rubuta wa. Yaranmu sun iya jero waɗannan kamar karatun allo, amma in ka ce to me wannan ya canza a yadda za ka karanta takardar, sai a yi tsit. Ina fama da haka duk lokacin da na kawo rahotannin Faransawa kan kashe hafsansu Kazamaju a Zinder a 1898 da shigowarsu a 1899. Tambayata ga takardarku: wa za ku ce shi ne marubucin? Sarki ko Gwamna? Don in yarona ne, a nan zai maƙale.

Dakta: Madalla da wannan tambaya, ita ce ta kawo mu kan manufa. Malama, na san a ƙasan waccan za ki sa "Mece ce manufar wannan takarda?" Kada ki sa ta haka. Takardar nan masu ita biyu ne. In Sarki ne ya rubuta, manufarsa ya rufe ƙofa, ya nuna wa Turawan da suka riga suka ci Bida da Kwantagora da Yola da Bauci cewa ba zai sa albarka a abin da suka yi ba. Lugga kuma da ya buga ta, manufarsa daban, masu karatunsa ma daban. In kika ce "manufar takardar", rabin aji za su amsa ta Sarki, rabi ta Gwamna, ke kuma amsa ɗaya ce a takardarki, sai ki zalunci rabin. Ki ambaci mutum, ki ambaci lokaci: "Me ya sa Lugga ya saka wannan wasiƙa a rahotonsa a 1903?" Shekarar da ke cikin tambayar ita ke tilasta wa yaro ya tuno me ke faruwa a lokacin.

Cikakkiyar amsar manufa abu uku take haɗawa, ko da yake ba na son a mai da su waƙa: wa ake so ya karanta, me ake so ya yarda da shi ko ya aikata, me ya sa sai a wannan lokacin. Yawancin yara a saƙo suke tsayawa. Za su ce "don ya nuna Sarkin Musulmi ba ya son Turawa." Wannan abin da takardar ta ce ne. Manufa sai an kai ga "don manyansa a Landan su yarda cewa yaƙin da ya riga ya yi ba shi ya tsokano ba."

Ɗan Bautar Ƙasa: Yallaɓai, to ai an dawo kan maganar yaran Malama ke nan. Bature ne ya kawo, yana da manufa, saboda haka son zuciya ne. Me ya bambanta?

Dakta: Bambancin shi ne su yaran za su iya rubuta jimlarsu tun kafin a raba takardar jarrabawa. Ga gwajin da nake yi wa kowace amsa: in na cire wannan takardar na sa wata, amsar za ta zauna? In za ta zauna, ba ta karanta takardar ba. "Bature ne, yana da son zuciya" ta hau kan kowane rahoton Razdan daga 1900 har 1960. Kuma mai manufa ba lalle maƙaryaci ba ne, sau da yawa gaskiya yake faɗa, zaɓe kawai yake yi a cikinta. Sannan ka juya abin. Wazirin Sakkwato Buhari ya rubuta risala ga malamai yana bayanin dalilin da ya sa ya dawo Sakkwato ya zauna da Turawa bai bi masu hijira ba. Namu ne, malami ne, yana wurin. Ka ba yara ita, duk za su ce abin dogara ce ɗari bisa ɗari. Alhali shi ma kare matsayinsa yake yi a gaban masu ganin laifinsa.

Basakkwace: Yanzu kuma kun koma kan Waziri.

Malamin Larabci: Haba Malam, ai shi Wazirin da kansa ne ya rubuta don ya ba da uzurinsa, ba ɓoyewa ya yi ba. Faɗin haka ba zagi ba ne.

Malamar Gusau: Ku bar Waziri ya huta tukuna, takarda ta biyu nake nema. Takarda ɗaya ta yi kaɗan, yaro ba shi da abin gwadawa. Na yi tunanin jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato ranar 21 ga Maris 1903, inda ya ce Fulani sun ci ƙasar da yaƙi a zamanin Ɗan Fodiyo, yanzu su ma an ci su, saboda haka mulki da haraji da naɗin sarakuna sun koma hannun Turawa.

Dakta: Jawabin yana da kyau ga tambayar manufa a wata jarrabawar, amma a nan ba zai yi miki aiki ba. Daga bakin mutum ɗaya suka fito, ba a gwada shaidar mutum da shaidar kansa. Kuma ba ya magana a kan abin da kika tambaya, wato ko Sakkwato ta kira yaƙi a 1902. Akwai wadda ta fi. An san wata wasiƙar daga Abdurrahman a wannan shekarar, amsa ce kan maganar Bauci, bayan Turawa sun cire sarkin can. Ma'anarta: ba mu gayyace ku Bauci ba, ba ma neman taimakon kowa sai na Allah, kuna da addininku muna da namu. Babu fara'a a cikinta ko kaɗan, amma babu kalmar yaƙi. Ki sa ta a matsayin takarda ta B, ita ma da bayanin inda kika samo ta da cewa fassara ce. Kada ki yi wa ɗaya tonon asiri ki bar ɗaya a rufe, yara za su gane wadda kike so.

Daɗin haɗin shi ne ba ya yanke hukunci. Wani zai ce B ta ƙarfafa A, tunda duk ƙin Turawa ne. Wani zai ce B ta raunana A, don mutumin da ya rantse ba zai ƙara hulɗa da kai ba, ya kira yaƙi, me zai sa ya rubuto maka wata yana cewa kowa ya riƙe addininsa?

Malamin Larabci: Ƙarshen B ɗin nan ai amon ƙarshen Suratul Kafiruna ne. Yaron da ya gane haka zai ce rabuwa ce ake shelantawa, ba sulhu ba. Wannan ma a ba shi maki.

Malamar Gusau: Na rubuta shi cikin amsoshin da za a karɓa. Ga yadda na tsara, maki 20 gaba ɗaya. Ta farko, me takarda ta A ta nuna game da matsayin Sakkwato kan Turawa, maki 3, don mai rauni ma ya samu abin kamawa. Ta biyu, a ina A da B suka dace, a ina suka saɓa, maki 4. Ta uku, me ya sa Lugga ya saka A a rahotonsa a 1903, maki 5. Ta huɗu, ta dogara ɗin nan da muka gyara, maki 8, kuma na ƙara mata "yi amfani da takardun biyu da abin da ka sani." Inda na tsaya shi ne rabon takwas ɗin. Da na saba, kowane dalili maki 2.

Tsohon Firinsifal: Kada ki yi haka, 'yata. In kika ce kowane dalili maki 2, yaron da ya jero haddar banza guda huɗu ya cinye takwas, wanda ya kama dalili ɗaya ya bi shi har gindinsa ya tashi da biyu. Hawa-hawa ake yi, a karanta amsar duka a ga a wane mataki ta tsaya.

Dakta: Haka ne. Bari in sa amsoshi irin waɗanda za ki gani, ya fi bayani. "Abin dogara ce domin Sarki ne ya rubuta," ko "ba abin dogara ba ce domin Turawa maƙaryata ne," ko ya sake kwafe wasiƙar da kalmominsa: maki 1 zuwa 2. "Fassara ce kuma babu asalin, ba mu san ko tafinta ya canza kalmar yaƙi ba," ya ɗauki bayanin ya yi aiki da shi amma gefe ɗaya: 3 zuwa 4. Wanda ya haɗa da manufar Lugga da lokacin bugawa, ko ya gwada da B ya nuna babu yaƙi a cikinta: 5 zuwa 6. Na sama shi ne wanda ya auna gefe biyu ya yanke hukunci a kan abin da aka tambaya. Misali ya ce: A da B sun haɗu a kan cewa Sakkwato ta ƙi Turawa, wannan za a iya dogara da shi, amma kalmar yaƙi a A kaɗai take, ta hannun mai buƙatarta ta zo, kuma wata takwas suka wuce ba a ga rundunar Sakkwato ta fita ba sai ta Lugga, saboda haka ba ta isa shaidar cewa Sakkwato ce ta fara ba. Wannan 7 zuwa 8. Wanda ya auna haka ya ƙare da cewa shi ya fi karkata ga ingancinta, saboda halin Sarkin da irin ƙasashen da aka riga aka ƙwace masa, shi ma 7 zuwa 8.

Ɗan Bautar Ƙasa: In yaro ya ce kai tsaye Lugga ne ya ƙirƙire ta fa?

Dakta: In ya ce mai yiwuwa ne, ya kawo dalili, ba laifi. In ya faɗe shi kamar yana wurin, ya wuce abin da shaidar ta ba shi. Rashin asali bai tabbatar da ƙirƙira ba, takardu suna ɓata, tafinta yana kuskure ba da nufi ba. Ni ba zan kai shi matakin sama ba.

Na Damagaram: Ni kuwa zan kai shi, in dai ya gina maganar da kyau. Yaro ɗan shekara 16 da ya yi ƙarfin halin tuhumar Gwamna da hujja, kada a rage masa don bai iya "mai yiwuwa" ba. Wannan ladabin manya ne, zai koya daga baya.

Dakta: A nan mun saɓa, abokina. Sanin iyakar shaida shi ne abin da tambayar take aunawa.

Basakkwace: Ni dai har yanzu na yarda Sarki ne ya rubuta ta. Amma in ɗana zai iya faɗin haka ya ci takwas ɗinsa, ba ni da ja.

Malamar Gusau: Zai ci, in ya kawo B ya yi maganinta. Baba, ka yi haƙuri, na bar jimlar asalin Larabcin a ciki, amma zan ware takardun in ƙirga nawa ne suka rungume ta suka tsaya, in kawo muku bayan an duba. Saura abu ɗaya. Turancin wasiƙar tsoho ne, akwai kalmomi biyu da na san za su kā da yarana. In sa ma'anarsu a ƙasa, ko in sa fassarar Hausa gaba ɗaya a gefe?

Malamin Larabci: In kika sa Hausa, kin zama tafinta ta biyu a sarƙar, Malama. Sai ki rubuta sunanki a bayanin.

Tsohon Firinsifal: Sa ma'anar kalmomin biyu kawai. Kuma ki tsaya a kan mai bugawar, bara wani ya haɗe mana bayanin takarda da jikin takardar, yara suka ɗauka duk marubucin ne ya faɗa.